Yashin fadamar Rima da girgizar ƙasa: A auna kafin a ɗora masa nauyi

Duk wanda ya tashi a bakin gulbin Rima ya san wasan nan na yara. Yaro zai tsaya a kan jiƙaƙƙen yashi, ya riƙa buga ƙafafunsa wuri ɗaya da sauri. Kafin ya ƙirga ashirin, yashin da ya ɗauke shi ɗazu ya koma kamar kunu, ruwa ya taso sama, ƙafarsa ta nutse har idon sawu. Idan ya daina, bayan ɗan lokaci wurin zai sake ƙanƙamewa.

Abin da yaron ya yi da ƙafa shi ne girgizar ƙasa ke yi wa gari guda. Injiniyoyi na kiransa likwifakshan, wato narkewar yashi, kuma ya kifar da benaye, ya karya gadoji, ya zaftare madatsun ruwa a ƙasashe da dama.

Tambayar da ta shafi mutanen Rimawa da Goronyo da Wurno da Rabah ita ce, shin hakan na iya faruwa a fadamarsu? Amsar gaskiya tana da ɓangare biyu. Yashin da ruwan suna nan. Girgiza mai ƙarfin da za ta tayar da su kuwa ba safai ake samunta a wannan yanki ba. Don haka babu dalilin firgita mai ginin ɗaki biyu. Amma babu uzurin a kafa gada ko makaranta ko asibiti ko babbar hanyar ban-ruwa a cikin fadama ba tare da an yi gwajin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin aikin.

Yadda yashi ke narkewa

Mai awon gero ya san sirrin. Idan ya zuba hatsi a mudu ya cika, sai ya bubbuga gefensa, hatsin ya zauna, mudun ya nemi ƙari. Ƙwayoyin sun matsu ne, sun cike guraben da ke tsakaninsu. Sakwarkwataccen yashi ma haka yake yi idan aka girgiza shi.

Bambancin yana zuwa ne idan guraben cike suke da ruwa. A zaman lafiya, ƙwayoyin yashi suna jingine da juna, su ne ke ɗauke da nauyin ƙasar da ke samansu da na ginin da aka ɗora. Ruwan yana zaune ne kawai a tsakani. Da girgiza ta zo, ƙwayoyin za su nemi matsewa, amma ruwan ba zai samu hanyar fita cikin daƙiƙa goma ko ashirin ba. Sai nauyin ya tashi daga kan ƙwayoyin ya koma kan ruwan. Kowane kai-komo na girgizar yana ƙara wa ruwan matsi, har ya kai inda ruwan ne ke ɗauke da nauyin baki ɗaya. A lokacin ƙwayoyin sun saki juna, suna yawo a cikin ruwa, kuma ruwa ba ya riƙe gini.

Alamomin a bayyane suke. Ruwa da yashi su riƙa ɓuɓɓugowa daga ƙasa suna tara ƙananan tudu kamar shuri. Gini mai nauyi ya nutse ko ya karkace. Abin da aka binne wanda babu komai cikinsa, kamar tankin gidan mai, ya taso sama. Mafi muni kuma, ƙasar da ke kusa da gaɓar gulbi ta tsattsage ta zame zuwa cikin ruwa da duk abin da ke kanta.

Masu haƙar rijiya a fadama sun san ɗan'uwan wannan abu. Idan aka kwashe ruwan rijiya da sauri, ruwan da ke kewaye ya kan kunno ta ƙasa da ƙarfi ya ɗaga yashin, mai haƙa ya ji ƙafarsa na nutsewa. A can ruwa mai tasowa ne ya raba ƙwayoyin, a nan kuma girgiza ce, amma sakamakon ɗaya ne.

Abin da duniya ta gani

A ranar 16 ga Yunin 1964 girgiza mai ƙarfin kusan maki 7.5 ta auka wa birnin Niigata na Japan, wanda ke zaune kan sabon yashin kogi. Wasu benayen kwana na kankare sun kwanta a gefe ba tare da bangonsu ya rushe ba, saboda ƙasar ce ta sake su. Daga wannan girgiza da ta Alaska a shekarar ne masana suka duƙufa kan binciken matsalar.

A ranar 9 ga Fabrairun 1971, girgizar San Fernando a Kaliforniya ta narkar da yashin cikin wata tsohuwar madatsar ruwa da aka gina ta hanyar kwararo ƙasa da ruwa ba tare da daɓe ba. Gefen da ke fuskantar tafkin ya zaftare, abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin madatsar bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Sai da aka kwashe mutane kusan 80,000 da ke zaune a ƙasanta.

Wanda ya fi kama da Rima shi ne na Palu a Indonesiya, ranar 28 ga Satumban 2018. A unguwanni irin su Petobo da Jono Oge, ƙasa mai ɗan gangare kaɗan ta kwarara da gidaje ɗaruruwan mitoci. Masu binciken da suka je wurin sun lura cewa zaftarewar ta fara ne daga ƙasan hanyar ban-ruwa ta Gumbasa, wadda yoyonta da ruwan gonakin shinkafa suka ɗaga ruwan ƙarƙashin ƙasa har kusa da sama. Ƙasar da ke saman hanyar ruwan, wadda ta fi bushewa, ta tsaya a wurinta. Darasin shi ne, ɗan Adam da hannunsa na iya cika sharaɗin da da can babu shi.

Sharuɗɗa uku, Rima na da biyu

Kafin yashi ya narke sai abu uku sun haɗu: sakwarkwataccen yashi, ruwan da ya cika shi, da girgiza mai ƙarfi da ɗan daɗewa.

Na farko da na biyu ba baƙi ba ne a kwarin Rima. Gulbin ya daɗe yana sauya hanya, yana ajiye yashi da laka bi da bi. Manoman albasa da tafarnuwa da shinkafa suna kafa bututu 'yan mitoci kaɗan su ja ruwa da injin ban-ruwa, wanda hakan kansa shaida ce cewa akwai yashi mai ruwa kusa da sama. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, mai tsawon kusan kilomita 12 da rabi da kuma ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900, tana sa gulbin da hanyoyin ban-ruwa su zauna da ruwa har cikin rani.

Na ukun ne ya yi ƙaranci. Najeriya tana nesa da bakin manyan faifan ƙasa inda girgiza ta fi yawa. An ji motsin ƙasa a Ijebu-Ode a 1984, da Kwoi ta Jihar Kaduna a Satumban 2016, da Mpape ta Abuja a Satumban 2018, amma duk ƙanana ne. A tarihin da aka tattara a duniya, da wuya girgizar da ba ta kai kusan maki 5 ba ta narkar da ƙasa, domin takan ƙare kafin matsin ruwan ya taru.

Sai dai Afirka ta Yamma ba ta kuɓuta ɗungurungum ba. Girgizar Accra ta 22 ga Yunin 1939 ta haura maki 6, har an ji ta a Legas. Ta 22 ga Disambar 1983 a arewa maso yammacin Gini ita ma ta haura maki 6, ta kashe ɗaruruwan mutane a yankin da ba a san shi da girgiza ba. Na'urorin auna girgiza a Najeriya, irin waɗanda cibiyar da ke Toro a Jihar Bauchi ke kula da su, ba su daɗe da kafuwa ba, alhali gada ko madatsa ana gina ta ne don shekara hamsin zuwa ɗari. Shirun 'yan shekaru bai isa hujja ga abin da zai yi ƙarni a tsaye ba.

Tantancewa ta farko: ido da hannu

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Akwai tambayoyi uku da ma'aikacin sashen ayyuka na ƙaramar hukuma zai iya amsawa ba tare da na'ura ba, kuma su kaɗai sun isa su cire yawancin filaye daga zargi.

Ta farko, ƙasar tsohuwa ce ko sabuwa? Masana sun daɗe da lura cewa yashin da kogi ya ajiye cikin 'yan ɗaruruwan shekarun nan, da ramin da aka cike da yashi ba a daɓe ba, su suka fi saurin narkewa. Ƙasar da ta daɗe tana matsuwa da manne wa juna kuwa da wuya ta narke. Wannan yanki na da misali a fili. Tuddan da ke gefen kwarin na cikin tsofaffin shimfiɗun ƙasa da masana suka raɗa wa sunayen Taloka da Dukamaje da Wurno, waɗanda shekarunsu suka haura miliyan 60. Ginin da ke zaune kai tsaye a kansu ba ya cikin wannan lissafi. Wanda ke cikin fadama, musamman kan tsohuwar hanyar gulbi da ta cike, shi ne abin dubawa. Dattawan gari sun san inda gulbi ya taɓa bi kafin ya kauce, kuma wannan sani ya cancanci a rubuta shi a takardar bincike.

Ta biyu, ina ruwa yake? A zura igiya a rijiyoyin da ke kusa a auna daga bakin ƙasa. Idan ruwa na ƙasa da mita 15, kusan an rufe maganar. Idan yana cikin mita uku na sama, an shiga sahun da ya fi haɗari. Kuskuren da ake yi shi ne auna ruwa a watan Afrilu a dogara da shi. Awon da ke da amfani shi ne na ƙarshen damina, Agusta zuwa Satumba, da na lokacin da ake sakin ruwan noman rani. Jigawa ma yashinta a sakwarkwace yake, amma muddin a bushe take ba za ta narke ba.

Ta uku, wace irin ƙasa ce? A ɗebo daga zurfin da ruwan yake, ba daga sama ba. A jiƙa kaɗan a murza tsakanin tafuka. Idan ta yi siririn zare kamar kaurin tsinken ashana ba ta karye ba, yumɓu ne mai danƙo, kuma danƙon yana hana irin wannan narkewa, ko da yake yumɓu na da nasa matsalolin. Idan ta ƙi murzuwa, a ɗora curi a tafin hannu a bubbuga bayan hannun. Idan ruwa ya taso samansa yana ƙyalli, da aka matsa kuma ya ɓace, to lallausan yashi ne ko garin ƙasa marar danƙo, irin da ake tsoro. Ana iya ƙarawa da gwajin kwalba: a zuba ƙasar da ruwa a girgiza a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti guda, garin ƙasa ya ɗauki awa ɗaya ko biyu, yumɓu kuma ya bar ruwan a gurɓace har kwana ɗaya ko fiye.

Inda aka samu sabuwar ƙasa, ruwa a kusa, da yashi marar danƙo, sai a wuce mataki na gaba. Waɗannan gwaje-gwaje suna iya nuna wurin da ake zargi, amma ba za su iya faɗin ko yashin da ke mita huɗu ko takwas a matse yake ko a sake ba. Wannan sai an huda.

Tantancewa ta biyu: ƙirga bugun guduma

Gwajin da aka fi sani shi ne SPT, kuma kamfanonin binciken ƙasa a Najeriya suna yin sa kullum. Ana haƙa rami kamar na burtsatse, a zura bututun ɗaukar samfur, a riƙa sako masa guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsayin santimita 76. Ana kora bututun santimita 45, a watsar da bugun santimita 15 na farko, a ƙirga bugun da ya ci kafin ya shige sauran 30. Wannan adadi shi ake kira N. Ana maimaitawa duk bayan mita ɗaya ko ɗaya da rabi.

Idan bugu huɗu ko shida ya wadatar, yashin a sake yake. Idan bayan gyaran lissafi adadin ya kai 30, ana ɗaukar tsabtataccen yashi a matsayin wanda ya matsu fiye da yadda zai narke.

A 1971 malaman Jami'ar Kaliforniya biyu, Seed da Idriss, suka fitar da hanya mai sauƙi da har yau ake amfani da ita bayan gyare-gyare. Ana kwatanta abu biyu: nauyin jijjigar da girgiza za ta ɗora wa yashin, da juriyar yashin da aka karanto daga N. Na farkon ana lissafa shi haka:

```
CSR = 0.65 × (amax/g) × (σv/σ'v) × rd
```

A nan amax/g shi ne ƙarfin fizgar girgizar idan aka kwatanta da ƙarfin da ke jawo abu zuwa ƙasa. σv shi ne dukan nauyin da ke saman wurin, σ'v kuma abin da ya rage wa ƙwayoyin yashi bayan an cire matsin ruwa. rd ɗan ragi ne saboda zurfi. Idan aka raba juriya da CSR aka samu ƙasa da 1, ana sa ran narkewa.

Misali: fili a fadamar Rimawa

A ƙaddara za a gina ajujuwa masu bene a gefen fadama. Alƙaluman da ke tafe na misali ne, amma irin waɗanda ake samu a sabon yashin kogi. An huda an tarar da lallausan yashi a zurfin mita 4, ruwa yana mita 1 daga sama, guduma ta yi bugu 6.

Kowace mita ta ƙasar da ke saman ruwa tana danna kusan kilofaskal 18, ta cikin ruwa kuma 19. Jimilla a mita 4 ke nan 18 da 57, wato 75. Ruwa mai zurfin mita 3 yana da matsin kusan 30. Abin da ya rage wa ƙwayoyin yashi 45 ne. Idan aka raba 75 da 45 za a samu 1.67. Ragin zurfi a nan 0.97 ne.

Sai gyaran N. Yashin da ke kusa da sama yana ba da bugu kaɗan saboda nauyin da ke kansa bai da yawa, don haka a wannan zurfi ana ninka adadin da kusan 1.5. Bugu 6 ya zama 9. A jadawalin da injiniyoyi ke amfani da shi, juriyar tsabtataccen yashi mai 9 kusan 0.10 ce ga girgiza mai maki 7.5. Girgiza mai maki 6 ta fi gajarta, kai-komonta bai kai na waccan ba, saboda haka juriyar tana hawa zuwa kusan 0.18.

Yanzu a gwada girgiza mai maki 6 a matakai uku. Idan tana nesa, fizgarta 0.05, CSR zai zama 0.053, rabon ya fita 3.4, yashin ya tsaya daram. Idan fizgar ta kai 0.10, CSR ya zama 0.105, rabon ya sauko 1.7, har yanzu lafiya. Idan cibiyar girgizar na kusa, fizgar ta kai 0.20, CSR ya zama 0.21, rabon ya faɗi ƙasa da 0.9. Yashin ya narke.

Abin lura na gaba ya fi wannan muhimmanci. A bar yashin yadda yake, a bar fizgar a 0.20, a sauya ruwa kawai. Idan da rani ruwan ya sauka zuwa mita 3, CSR zai ragu zuwa kusan 0.15, rabon ya koma 1.2. Idan da ambaliya ruwan ya taso daidai da bakin ƙasa, CSR zai hau 0.27, rabon ya faɗi 0.7. Fili ɗaya, yashi ɗaya, amma hukuncin ya sauya tsakanin Afrilu da Satumba. Idan kuma aka daɓe yashin har adadin da aka gyara ya kai 20, juriyar za ta kai kusan 0.38, rabon ya zama 1.8 ko da ruwan na mita 1.

Lissafin ya nuna abu biyu a lokaci guda. Ƙananan motsin ƙasa irin na Kwoi da Mpape ba za su narkar da wannan fili ba, kuma duk mai yaɗa cewa fadama na gab da haɗiye garuruwa yana sayar da tsoro ne. Amma girgiza irin ta Gini, idan ta zo kusa kuma ta tarar da ƙasa a jiƙe, ta isa. Abubuwan da ke hannun mutane, wato matsewar yashi da tsayin ruwa, su ne ke raba tsira da asara.

Inda gwajin ke yaudara

Adadin N yana da saurin lalacewa a hannun ma'aikaci. Jadawalin ya ɗauka cewa kashi 60 cikin 100 na ƙarfin gudumar ne ke isa bututun. Idan ana sako gudumar da igiyar da ke sarƙewa, ko ba ta kai tsayin santimita 76 ba, ƙarfin zai ragu, bugun ya ƙaru, sai sakwarkwataccen yashi ya fito a takarda kamar matsattse. Tsakuwa ɗaya da ta toshe bakin bututu ma tana yin haka. A ɗaya gefen, idan aka bar ruwan cikin ramin ya sauka ƙasa da ruwan kewaye, yashin gindin ramin zai taso ya saki, a samu adadin da ya gaza na gaskiya.

Mai karɓar rahoto na iya gano matsala ko da ba injiniya ba ne. Ya duba ko an rubuta ranar da aka auna ruwa, da irin gudumar da aka yi aiki da ita, da bayanin ƙasar kowane mataki. Rahoton da bai faɗi zurfin ruwa ba, ko wanda ramuka uku suka ba da adadi iri ɗaya sak daga sama har ƙasa, abin tuhuma ne. Rami ɗaya ma bai isa ba a fadama, inda yashi da laka ke sauyawa cikin taku ashirin.

Hanyar kanta tana da iyaka. An gina ta ne a kan fili mai shimfiɗa. Gaɓar gulbi da jikin madatsa suna buƙatar lissafi na daban, domin a can nauyin ƙasar kansa yana jan ta gefe tun kafin girgiza. Madatsun zamani ana daɓe su shimfiɗa bayan shimfiɗa, saɓanin ta San Fernando, don haka tambayar takan koma kan yashin kogin da aka ɗora su a kai.

Ga masu cewa ambaliya ce matsalar

Za a ce, mutanen da suka ga ambaliyar Satumban 2010 ta cinye gonaki da gidaje a Goronyo da Wurno da sauran garuruwan kwarin, me ya haɗa su da girgizar da ba su taɓa gani ba? Maganar tana da ƙarfi. Ambaliya ce gaba, kuma duk kuɗin da za a karkatar daga maganinta zuwa fargabar girgiza an yi asararsa.

Sai dai gwajin ba ya cin kuɗin ambaliya, hasali ma yi mata aiki yake. Ramin da zai faɗi ko yashi zai narke shi ne zai faɗi zurfin da ruwa zai iya ƙwaƙule gindin gada, da yadda gini zai zauna bayan shekaru, da ko ruwa zai bi ta ƙarƙashin shingen kare ambaliya ya ɓullo a bayansa. Duk babban aikin da aka yi bisa ƙa'ida dole ne a huda ƙasarsa. Abin da ake nema ƙari shi ne awon ruwa na damina da shafi ɗaya na lissafi irin na sama.

Saboda haka buƙatar ba ta da yawa. Gwamnatin Jihar Sakkwato da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima su sanya wannan tantancewa cikin sharuɗɗan kwangilar kowace gada, da ginin jama'a mai bene, da babbar hanyar ruwa, da shingen ambaliya a cikin fadama. A tattara bayanan ramukan da aka riga aka haƙa a kwarin wuri ɗaya, inda malaman Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ɗalibansu za su iya fitar da taswirar da ta raba tudu da fadama da tsofaffin hanyoyin gulbi. Inda hanyar ban-ruwa ta bi ta saman gari, a lulluɓe cikinta da kankare a kuma yi magudanar da za ta janye yoyo, domin abin da ya faru a Palu ya isa wa'azi.

Inda gwaji ya nuna rauni, maganin sananne ne: a matsar da ginin zuwa tudu idan da hali, ko a daɓe yashin da injin jijjiga, ko a kafa ginshiƙai su ratsa shi zuwa ƙasa mai ƙarfi, ko a zuba faffaɗan harsashi guda mai ƙarfe wanda zai hana ginin tsagewa. Mafi arha duka shi ne na farko, kuma tun kafin a sa harsashi ake yanke shi.

Mai ginin gidan kansa kuwa, abin da ke kansa bai wuce uku ba. Ya nisanci gaɓar gulbi, kada ya yi gini a kan kududdufin da aka cike da yashi ba daɓe, kuma ya tambayi maƙwabta inda ruwan rijiyarsu ke tsayawa a watan Satumba. Waɗannan za su kare shi daga ambaliya da tsagewar bango a kowace shekara, ko da ƙasa ba ta taɓa motsawa ba a zamaninsa.

Wanda ke son gani da idonsa ya cika bokiti da lallausan yashin gulbi ba tare da ya danna ba, ya zuba ruwa a hankali har ya kusa kai saman yashin, ya ɗora dutse a kai, sannan ya riƙa bugun gefen bokitin da sanda. Dutsen zai nutse yana kallo. Ya sake gwadawa da yashin da ya daɓe sosai, ko wanda ya tsiyaye ruwansa, zai ga dutsen ya zauna. Wannan bambanci shi ake so a auna a fadamar Rima kafin a zuba kankare.